Bashi ya yi yawa a waje, aljihu ya bushe: amsar Yaya kan lissafin injin shinkafa

Tambayar da aka turo: "Yaya, akanta ya kawo lissafin injin shinkafarmu na Argungu. Ya ce karent reshiyo ya sauko daga 2.0 zuwa 1.3, kwanakin karɓar bashi kuma sun tashi daga 30 zuwa 60. Ciniki ya ƙaru ai, to mene ne matsalar? Na turo maka hoton takardar."

Amsa (an rubuto daga murya):

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga takardar, tun bayan sallar Isha'i nake zaune da ita. Ka saurara a natse, don abin da ya fi damuna ba shi akanta ya nuna maka da yatsa ba.

Mu fara da abin da lambar karent reshiyo take nufi. Ana tara duk abin da zai zama kuɗi a hannunku cikin shekara, wato shanshera da shinkafar da ke sito, da bashin da kuke bin mutane, da kuɗin banki. Sai a raba da bashin da ake bin ku wanda dole ku biya cikin shekara. Bara kuna da miliyan 60, ana bin ku 30, kowace naira ɗaya ta bashi akwai naira biyu a bayanta. Bana kuna da 78, ana bin ku 60.

To ga inda nake so ka tsaya. Bashin da kuke bin dillalai yana cikin dukiyarku ne a lissafi, yana sama. Ya tashi daga miliyan 18 zuwa 42. Da shi kaɗai ya motsa, lambar nan ba za ta faɗi ba. Tunda ta faɗi, to bashin da ke kanku ne ya fi shi gudu. Abin a fili yake: dillali ya ɗauki buhu 200 bai biya ba, ku kuma injin ba zai tsaya ba, sai ku karɓi shanshera bashi wurin masu kawowa daga Suru da Jega, ku ja obadiraf a banki ku sayi gas. Kuɗin wasu kuke arowa kuna ba dillalai su yi jari da shi, kyauta.

Amma ko wannan bai gama bayanin ba, kuma nan ne na daɗe ina dubawa. Ɗauki biro. Bara, 60 ka cire 30, saura 30. Wannan 30 ɗin ita ce jarin juyawa, naku na kanku. Bana 78 ka cire 60, saura 18. Da a ce aro kawai kuka yi kuka zuba a kaya da bashin dillalai, sama da ƙasa tare za su ƙaru, ragowar ta tsaya a 30 ɗinta. Da sai a ga 90 a kan 60, wato 1.5. Ka gane? Saukowa daga 2.0 zuwa 1.5 aro ne ya kawo ta. Amma daga 1.5 zuwa 1.3, miliyan 12 ce ta fita daga juyawa gaba ɗaya. In ma kun ci riba bana, abin da ya fita ya wuce 12, don ribar ai ƙara jarin ya kamata ta yi.

Ina ta tafi? Ƙofofin ba su da yawa. Ko kun sayi wani abu mai zama, kamar injin cire tsakuwa ko sabon janareta, da kuɗin da ya kamata ya sayi shanshera. Ko masu gida sun ɗiba, biki ne, kujerar Makka ce, gini ne. Ko asara aka yi. Ko kuma wani tsohon bashi mai dogon wa'adi lokacin biyansa ya shigo cikin wannan shekara, akanta ya sauko da shi cikin na kusa. Ka tambaye shi wanne ne, ya nuna maka a rubuce. Idan inji ne, da sauƙi, kuskuren kawai shi ne an saye shi da bashin wata uku alhali sai ya yi shekaru kafin ya mayar da kuɗinsa. Sai a je banki a nemi a mayar da wannan kason bashi mai dogon wa'adi. Idan ɗiba ce, to maganar ta gida ce, ku zauna da Alhaji ku faɗa wa juna gaskiya.

Yanzu batun ciniki da ka ce ya ƙaru. Gaskiya ne, cinikin bashi ya tashi daga miliyan 219 zuwa 255. Amma da mutane na biya a kwana 30 kamar bara, kusan miliyan 21 za ku bi a waje. Kuna bin 42. Wato akwai wata 21 da ta kwanta a shagunan mutane. Duba takardar bankinku ka ga ruwan da suke caji. A ce 30 cikin ɗari ne, wannan jinkirin kaɗai na cin fiye da miliyan 6 a shekara. Buhu nawa za ku sayar kafin ku ci ribar miliyan 6?

Kuma kada lambar kwana 60 ɗin nan ta rufe maka ido, matsakaici ce. Na taɓa duba littafin wani injin a nan jihar, mai baƙin bango, shafukansa duk ƙurar dusa. Kusan kowa na biya cikin mako uku. Mutum biyu ne kawai, manyan kwastomomi da ake jin nauyinsu, suka riƙe fiye da rabin kuɗin. Ɗaya yana da wayo: in ya zo ɗaukar sabon kaya sai ya ajiye ɗan wani abu, a rubuta "ya biya", tsohon bashin na nan wata bakwai ba a taɓa shi ba. Wallahi sai da na ji ba daɗi, don mai injin yana ta fama da masu shanshera a ƙofar gida.

Saboda haka gobe ka ɗauko littafinku da rasidan lodi. Kowane dillali, ka raba abin da ake binsa gida huɗu bisa ranar da kaya suka fita: ƙasa da kwana 30, zuwa 60, zuwa 90, da wanda ya haura 90. Na ƙarshen nan shi ne abin tsoro. A ce miliyan 15 ce a ciki kuma ba ta da alamar dawowa, ka cire ta daga 78, saura 63 a kan 60. Kun zo daf da kunnen doki ke nan, kuma miliyan 33 na ciki kaya ne a sito da ba a sayar ba tukuna. Tsabar kuɗi miliyan 3 kacal na gani, bara 12 ce.

Abu ɗaya zai iya sassauta hukuncin. A Disamba kuka rufe littafi, bayan kakar damina. Idan bana kun yi lodi mai yawa a makonnin ƙarshe fiye da bara, bashin zai kumbura ranar rufewa ko da mutanen kirki ne. Gwajin mai sauƙi ne: duba nawa daga 42 ɗin nan ya shigo a Janairu da Fabrairu. In yawancinsa ya shigo, ka ɗan huta. In bai shigo ba, duk wanda ya haura kwana 60 kada buhu ɗaya ya sake fita da sunansa sai ya rage tsohon, ko da kawu ne.

Ka turo mini jerin nan da amsar akanta kan miliyan 12 ɗin, ta layina kai tsaye, kada ka saka sunayen mutane a guruf. Ka gaida Alhaji da mutanen gida.