Daga kwalin kayan waje zuwa sana'ar gida: darasin tumatirin leda

Tambaya: Na tara ɗan jari ina so in fara sarrafa wani abu, kuma ana yawan cewa in duba kayan da ake shigo da su daga waje. Ta yaya zan gane wanda ya dace in yi a nan gida?

Amsa: Shigo da kaya daga waje shaida ce cewa akwai masu saye, kuma wannan ya rage maka rabin bincike, amma bai nuna cewa za ka iya yin kayan a farashin da zai ja da na waje ba. Saboda haka ka fara da kasuwa. Ka shiga wuri irin Kasuwar Singa ta Kano, ka karanta ƙasar da aka rubuta a jikin kwalaye, ka tambayi diloli katan nawa suke sayarwa a mako da kuma nawa yake iso musu. Wannan farashin na dila shi za ka yi gogayya da shi, domin na mai shago ya riga ya haɗa da ribar mutum biyu ko uku. Bayan haka sai ka nemi dalilin da ya sa har yanzu ake shigo da kayan, kuma a nan ne yawancin masu sha'awa suke gaggawa.

Tumatirin leda da na gwangwani misali ne mai kyau. Kano, Jigawa, Kaduna da Katsina suna noma tumatir mai yawa, har yakan ruɓe a kwando lokacin kakarsa, alhali an daɗe ana shigo da markaɗaɗɗen tumatir a durom daga Sin ana ƙulla shi a Najeriya. A shekarar 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, kuma a 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'anta a Kadawa wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana. Duk da haka masana'antar ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, har da ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa gonaki a waccan shekarar.

Lissafin ne yake bayyana matsalar. Ɗanyen tumatir kusan duk ruwa ne, don haka ana buƙatar kimanin kilo 6 kafin a sami kilo 1 na mai kauri. Mu ƙaddara kwando mai kilo 50 yana naira 10,000 a lokacin da kaya suka cika kasuwa, wato naira 200 kowane kilo. Kilo 1 na markaɗaɗɗe zai ci tumatir na naira 1,200, ledar giram 70 kuma za ta ci na naira 84, tun ba a sa kuɗin leda, man janareta, albashi da rajistar NAFDAC ba. Idan kwandon ya koma naira 30,000, tumatirin da ke cikin ledar nan kaɗai ya zama naira 252, kuma a daidai lokacin manomi ya fi son ya loda kayansa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, inda za a biya shi fiye da yadda masana'anta za ta iya. Ga shi kuma araharsa ba ta wuce 'yan watannin rani, sauran shekara injin yana zaune ana biyan haya da bashi.

Don haka duk kayan da ka zaɓa, ka yi wannan lissafi sau biyu, da farashin ɗanyen kaya na lokacin araha da na lokacin tsada, kuma idan riba ba ta fito ba sai a na farko, to sana'ar ta wata uku ce. Kada ka jingina ribarka da takunkumin gwamnati, domin wancan hani na 2015 an ɗage shi a watan Oktoba na 2023.

A ganina mai ƙaramin jari ya fi samun sa'a a kaya masu nauyi ko cin wuri amma masu araha, irin bokitin roba, katifa da kwali, saboda kuɗin jirgin ruwa da na mota daga Legas yana ɗaga farashin na waje. Tsinken sakace, wanda ake yawan kafa misali da shi, akasin haka ne, tunda kwantena ɗaya tana ɗauke da miliyoyi. A harkar tumatir kuwa, matakin da ya fi sauƙin shiga shi ne kauɗa: a shanya ta a kan raga maimakon ƙasa don kada ta kwashi yashi, a niƙa, a ƙulla. Ka fara da kwando kaɗan, ka kai wa masu sayar da abinci su dafa da ita, sannan ka jira ka ga ko za su sake nema da kuɗinsu kafin ka sayi inji.