Mai neman aiki ya kawo bil ɗin wuta da sunan wani: ya zan tabbatar a gidan yake zaune?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Kano, zan ɗauki yaro da zai riƙe min kuɗi da na'urar POS. A fom ya rubuta yana zaune a Ɗorayi, ya kawo bil ɗin wuta amma sunan wani ne daban a jiki, takardar NIN ɗinsa kuma adireshin Kurna ne. Yaron ya kwanta min a rai amma ina tsoro. In ƙyale shi ne ko akwai yadda zan tabbatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kar ki ƙyale shi tukuna, don abin nan da kika gani shi ne abin da ake gani a wajen yawancin masu neman aiki masu gaskiya. Ni na jima ina aikin tantance ma'aikata, kuma wallahi da wuya ki ga matashin da bil ɗin wutar gidansu ke ɗauke da sunansa, ko dai sunan mai gidan haya ne, ko na mahaifinsa, wani lokacin ma sunan kakan da ya rasu da jimawa ne ba a taɓa canzawa ba. Ni wanda ya fi sa ni tsayawa in duba da kyau shi ne ɗan shekara 22 da ya miƙo min bil fes da sunansa a jiki.

Abin da nake so ki riƙe shi ne bil ɗin wuta shaida yake cewa akwai gida a wuri kaza kuma kamfanin wuta ya san shi da sunan wane. Iyakarsa ke nan. Bai ce yaron nan a ciki yake kwana ba. Saboda haka aikinki ya rabu: ki tabbatar bil ɗin na gaske ne, sannan ki gano mene ne tsakanin yaron da mai sunan da ke jiki, sai kuma ki tabbatar yanzu haka a can yake.

NIN ɗin kar ya tayar miki da hankali. Adireshin da ke kai shi ne wanda mutum ya faɗa da bakinsa ranar da ya yi rajista, kuma mutane ba sa komawa su gyara in sun tashi daga unguwa saboda sai an biya kuɗi an sha wahala. Haka katin zaɓe, haka lasisin tuƙi. Amfanin waɗannan shi ne su nuna miki fuska da suna, ba gida ba. Ki tambaye shi kawai, yaushe kuka bar Kurna, me ya sa? Mai gaskiya nan take zai ce miki ai gidan haya ne muka tashi shekara kaza, ko can gidan kakarmu ne. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ma ba ta shigo nan ba sam, asali take nunawa, mutum zai iya zama ɗan asalin Bichi alhali yana zaune a Legas.

To bil ɗin. Ki ce ya kawo na asali ki gani da idonki, ba fotokofi ba, ba hoton da aka turo a waya ba, don hoto minti biyar ya isa a canza suna da adireshi a jiki. Kar ya wuce wata uku da fitowa, wannan shi ne ma'aunin da bankuna suka saba amfani da shi wajen buɗe asusu kuma yana da ma'ana, tunda tsohon bil ba ya nuna halin da ake ciki yau. Ki duba kamfanin ya dace da garin, Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ne ke ba su wuta, Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara kuma Kaduna Electric. Har yanzu muna cewa bil ɗin Nepa amma tun 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga waɗannan kamfanoni, don haka in kika ga takarda da tambarin NEPA ko PHCN to tsohuwa ce ƙwarai. Sai ki ƙura wa layin suna da na adireshi ido, in rubutunsu ya bambanta da sauran rubutun takardar, ya fi kauri ko ya ɗan karkace ko akwai fari-fari a bayansa, an taɓa wajen.

Amma gwajin da na fi yarda da shi ba a kan takarda yake ba, a wayarki yake kuma ko sisi ba za ki kashe ba. Ki buɗe manhajar bankinki wajen biyan kuɗin wuta, ki zaɓi KEDCO, ki zaɓi irin mitar, ta kati ce ko ta bil, ki saka lambar mita ko lambar asusun da ke jikin takardar kamar za ki sayi wuta. Kafin a cire kuɗi manhajar za ta nuno sunan mai mitar, wasu manhajojin har da adireshi suke fitarwa. Ki karanta ki fita ba tare da kin biya ba. In sunan da ya fito shi ne na jikin takardar, kin san bil ɗin ba ƙirƙirarsa aka yi ba. In mitar kati ce a gidan, ai ba a kawo musu bil duk wata, sai ki karɓi rasit ɗin sayen wuta na kwanan nan, wanda ke ɗauke da lambobi 20 ɗin nan da ake dannawa a mita, shi ma lambar mitar tana jiki.

Bari in ba ki misalin da ya faru a hannuna. Wani wajen da na yi wa aiki suna neman mai kula da sito, suka ce sun fi son ɗan kusa saboda buɗewa da sassafe. Wani ya kawo bil mai adireshin Hotoro, takarda tsaf. Na saka lambar, suna ya fito daidai amma adireshin da ya fito na Rijiyar Zaki ne, wato ɗaya ƙarshen garin. Ban yanke hukunci nan take ba don irin wannan saɓanin yana da dalilai na gaskiya, akwai masu cire mita su tafi da ita sabon gida duk da bai halatta ba, akwai kuma adireshin da tun farko aka shigar da shi ba daidai ba a kamfanin. Na kira shi na ce ka ɗauko min hoton mitar a jikin bango da lambarta a fili, sannan gobe zan biyo in gani. Shiru ya yi, daga baya ya ce gaskiya bil ɗin yayansa ne, shi da kansa ya sa aka gyara masa adireshin a shagon kwamfuta don ya ji ana son ɗan kusa. Ba ɓarawo ba ne, aiki yake nema ido rufe, kuma na tausaya masa sosai, amma ba a ba shi makullin sito ba, don wanda ya gyara takarda tun kafin ya shigo da wuya zuciya ta natsu da rasit ɗin da zai riƙa kawowa.

Ki lura ba saɓanin ne ya kayar da shi ba, yadda ya kasa nuna mitar ne. Naki yaron ma haka za ki yi masa, ki tambaya ki bar shi ya yi bayani.

Yanzu alaƙarsa da mai sunan. In mahaifinsa ne, sunan zai yi daidai da sunan uban da ke NIN ɗinsa, magana ta yi sauƙi. In mai gidan haya ne sai ya haɗo da rasit ɗin haya ko takardar yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai gidan ko dillalinsa, da adireshi iri ɗaya da na bil, da ranar da hayar za ta ƙare. Littafin rasit fa a kasuwa ake sayar da shi kowa zai iya cikewa, don haka ki karɓi lambar mai gidan ki kira shi da kanki, kuma kar ki ce masa wane yana zaune a gidanka ko, ki ce don Allah su wa ke haya a gidanka na wuri kaza, ki bar shi ya kawo sunan da bakinsa. In a wajen ɗan'uwa yake zaune, wannan ɗan'uwan ya rubuta 'yar takarda ya sa hannu da lambar waya da kwafin katinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su da bil kwata-kwata, gidan babu mita, ko sun ja waya daga maƙwabta ana karo-karo, ko unguwar sabuwa ce sola kawai ake amfani da ita. Kar ki kori ɗan talaka saboda wannan, bai yi laifin komai ba. A nan takardar mai unguwa ce ke tsayawa a madadin bil, mai sa hannu da hatimi, amma ita ma darajarta sai an je an ji daga bakin mai unguwar cewa eh shi ya rubuta kuma ya san gidan.

Zuwa gidan kuwa babu abin da ke maye gurbinsa, musamman tunda kuɗi zai riƙe. Tun a shago ki ba shi takarda ya rubuta kwatance da hannunsa, daga bakin titi ina ake shiga, wane masallaci ne kusa, layi na nawa, ƙofar wace kala, don unguwanninmu da yawa lambar gida ba ta kai mutum ko'ina. Ki faɗa masa za a zo cikin satin nan amma kar ki faɗi rana. Ki tura mutum mai hankali ya bi kwatancen shi kaɗai, ya fi kyau bayan la'asar lokacin da mutane ke ƙofar gida, ya tambayi mai shagon layin ko yaran unguwa ina ne gidan su wane. Ki tambayi yaron sunan da ake kiransa da shi a gida, don sau da yawa sunan takarda babu wanda ya san shi da shi a layi, sai a ce ba a san shi ba alhali ga gidansu nan. In an isa, a yi sallama, a nemi ganin mitar a gwada lambarta da ta jikin bil. Lokeshan da ake turowa ta WhatsApp yana taimakawa wajen gane hanya amma ba shaida ba ne, mutum zai iya tsayawa ƙofar gidan kowa ya turo.

Don Allah wanda za ki aika ki ja masa kunne ya ce daga wajen aikin da yaron ya nema ne ake son sanin gida, kar ya je yana tambaya kamar ana neman mai laifi, maganar unguwa ba ta gogewa kuma yaron nan a nan zai ci gaba da rayuwa ko kin ɗauke shi ko ba ki ɗauke shi ba. In mace ce mai neman aikin a tura mace. Kuma duk wannan da saninsa za a yi, ki sa layi ɗaya a fom ɗin cewa ya amince a tantance adireshinsa ya sa hannu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma tana buƙatar mutum ya san me za a yi da bayanansa. Kwafin takardun ki adana su inda sauran yaran shago ba za su gani ba, in ba ki ɗauke shi ba ki mayar masa da abinsa.

Garanto ɗinsa, wato wanda zai tsaya masa, shi ma gidansa daban ya kamata ya zama, kuma shi ma a je a gani, don in su biyun gida ɗaya suke haya rana ɗaya za su iya tashi. Ki rubuta ranar da hayar yaron za ta ƙare a jikin fom ɗin, in lokacin ya zo ki tambaye shi ko ya sabunta ko ya tashi, in ya tashi a sake ɗaukar sabon kwatance da lambar sabuwar mitar.