Kafin Talata: amsa ga ƙanena kan intabiyu ta bidiyo

"Salamu alaikum Yaya. Kamfanin nan na Landan ya kira ni intabiyu ta Zoom ranar Talata 31 ga Maris, 2026, ƙarfe 2 na rana agogonsu, wato ƙarfe 3 ke nan a wajenmu. Ban taɓa yin ta bidiyo ba. Me zan shirya? Idan intanet ta yanke ana tsaka da magana fa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa a dace.

Kai ne na huɗu da ya aiko mini da irin wannan saƙo cikin watan nan, kuma na so in bar shi sai ƙarshen mako. Abin da ya tashe ni zaune shi ne lissafin lokacin da ka yi. Ba ƙarfe 3 ba ne. Da ka bi wannan lissafin, da ka iso an tashi. Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mai da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2026 Lahadin ta faɗo ranar 29 ga Maris, kwana biyu kafin intabiyunka. Yau da nake rubuta maka kana gaban Landan da awa ɗaya, amma ranar Talata agogonku ɗaya ne: ƙarfe 2 nasu, ƙarfe 2 naka. Kada ka tsaya a kan maganata ma. Buɗe gayyatar da suka turo, ka sa ta a kalandar wayarka ta juya maka lokacin da kanta, sannan ka amsa musu imel kana maimaita rana da lokaci, ka nemi su tabbatar.

Yanzu ga abin da har yau yake ci mini rai. Intabiyuna ta farko ta bidiyo ban faɗi don rashin sani ba. Na yi mako biyu ina bitar amsoshi, na goge riga, na cika batirin laftof. Muna minti na ashirin, mutumin ya jefo mini tambayar da na fi kowace shiryawa, sai wuta ta ɗauke. Laftof bai mutu ba, amma rautar da ke ba shi intanet a jikin soket take, ita kam ta mutu. Na ce ai da sauƙi, ina da waya. Hannuna na rawa na kunna Hotspot, na tsaya neman kalmar sirrin da ban taɓa sawa a laftof ɗin ba. Na samu na koma, fuskokinsu suka fara bayyana, sai ga kira ya shigo wayar. Wani ne kawai yake son mu gaisa. Data ta tsaya cak. Da na sake shiga, minti goma sha ɗaya sun wuce, ɗakin babu kowa. Lambar wayar kowa ba ni da ita, adireshin da ya turo gayyatar kuma irin wanda ba a amsa masa ne. Na rubuta wa kamfanin sau uku, ko uffan. Sai da na yi shekara guda da 'yan watanni kafin wata dama ta sake zuwa.

Yanzu ni ma ina zama cikin masu tantance masu neman aiki, don haka na ga abin daga ɗaya ɓangaren. Idan hoton mutum ya daskare, ba wanda yake jin haushi. Mukan jira minti huɗu ko biyar muna kallon juna. Amma akwai wani ɗan takara bayanka, kuma lokacin kowa a ƙididdige yake. Wanda ya aiko saƙo nan take ya ce ga abin da ya faru, ga shi nan dawowa, muna jiransa, har mukan rubuta cewa ya iya riƙe kansa. Wanda ya ɓace shiru, takardarsa takan koma ƙasan tari, ba don mugunta ba.

Kuskurena shi ne na ɗauka mallakar waya shi ne shiri na biyu. Shiri na biyu sai wanda ka gwada da hannunka, kuma wanda ba ya rataye a igiya ɗaya da na farko. Zauna ka tambayi kanka: me zai iya kashe su biyun a lokaci guda? Idan rautarka da sim ɗin wayarka na kamfanin sadarwa ɗaya ne, ran da sabis ɗinsu ya faɗi duka biyun sun tafi, hanya ɗaya gare ka ke nan, ba biyu ba. Nemi sim na wani kamfani dabam, ko da aro ne. Idan laftof ɗinka batirinsa ba ya kai awa ɗaya ana bidiyo, kada ka yaudari kanka da abin da alamar batir ke nunawa, bidiyo yana shan caji fiye da rubutu nesa ba kusa ba. Rauta kuwa, idan irin mai batir ce ka cika ta, idan ba ita ba ce ka san cewa da wuta za ta tafi.

Maganar ƙarfin intanet, mutane suna tsorata kansu a banza. Zoom ba ya neman abu mai yawa: wajen 600 kbps ya isa hira tsakanin mutum biyu, hoto mai kyau na 720p kuma wajen 1.2 Mbps, ya ɗan ƙaru idan masu tambayar suna da yawa. Matsalar ita ce kowa yana duba saurin saukewa, alhali fuskarka da muryarka ta hanyar ɗorawa suke tafiya. Shiga fast.com, ka danna Show more info, ka duba lambar da ke ƙarƙashin Upload. Idan tana tsayawa sama da 2 Mbps kana lafiya. Idan tana tsalle, yanzu 3 an jima 0.3, wannan layin zai ba ka kunya ko da saukewarsa ta kai 20. Kuma ka yi gwajin da ƙarfe 2 na rana a ranar aiki, a kujerar da za ka zauna. Gwajin tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci, ƙarya zai faɗa maka. Data kuwa, yi lissafi: 1.2 Mbps fita, 1.2 shigowa, na tsawon awa ɗaya, ya kama kusan gigabait ɗaya. Sa aƙalla uku a kowane sim.

Wayar da za ta zama madadin, haɗa ta da laftof da kebul, ka kunna USB tethering maimakon Hotspot. Ya fi tsayawa, kuma wayar tana samun caji a hanya. Yi haɗin tun ranar Lahadi. Sannan ka gwada ainihin abin da ya kashe ni: kana cikin bidiyo ta wannan layin, sa wani ya kira ka. A wasu layukan, kira yana sauke waya daga 4G zuwa tsohon sabis, data ta yi rauni ko ta tsaya. Kada ka dogara da Do Not Disturb, shi ƙarar kawai yake kashewa, kiran yana shigowa. Idan gwajin ya nuna data na yankewa, karkatar da kiran zuwa wata lamba na wannan awar, ko ka yi amfani da sim ɗin da ba wanda ya san lambarsa.

Zoom ɗin kansa, shiga zoom.us/test yau, ka ji muryarka ka ga fuskarka. Sabunta manhajar ranar Lahadi, ba minti biyar kafin a fara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa ta a waya ita ma, ka rubuta Meeting ID da Passcode a takarda da biro, ka ajiye a gefen hannunka. Idan laftof ya mutu, imel ɗin da ke cikinsa ba zai amfane ka ba. Ka kuma duba sunan da zai fito a ƙasan hotonka. Na taɓa ganin ɗan takara yana jira a shigar da shi da sunan samfurin wayarsa, mai shigarwa ya ɗauka baƙo ne ya bar shi a waje.

To a ce ranar ta zo, ƙarfe 2 da minti ashirin murya ta fara tsinkewa, Zoom ya rubuta maka Your internet connection is unstable. Kada ka ci gaba da zuba kamar ba ka gani ba. Ka ce musu layinka ya yi rauni, za ka kashe kyamara don murya ta fita sosai, sai ka danna Stop Video. Murya kaɗai ba ta kai 100 kbps ba, kusan kowane layi zai ɗauke ta. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Idan ya yanke gaba ɗaya, ba laftof minti ɗaya kacal ya koma ta layin waya. Bai koma ba, bar shi, shiga ta manhajar wayar kai tsaye. Idan daga baya laftof ya farfaɗo kana cikin waya, kada ka bar su biyun da sauti a kunne, ƙarar da za ta tashi sai kowa ya toshe kunne. In minti uku suka cika ba ka shiga ba, tura saƙon da ka riga ka rubuta ka ajiye: layi biyu, intanet ta yanke, kana ƙoƙarin dawowa, ga lambarka idan za su kira a ƙarasa ta waya.

Wannan saƙon yana buƙatar inda za shi, shi ya sa imel ɗin da za ka aika yau ya fi duk abin da na lissafa muhimmanci. Bayan tabbatar da lokaci, ka tambaya: idan layi ya yanke, wa zan tuntuɓa, ta wace lamba ko wane adireshi? Ka ba su taka lambar da lambar ƙasa a gaba. Na san abin da ke ranka, kana tsoron kada su ce daga wurin da ba intanet kake. Ni ma girman kan nan ne ya hana ni tambaya, ka ga inda ya kai ni. Jimla ɗaya ce, ba sai ka ba da tarihin wutar lantarki ba, kuma ban taɓa ganin an rage wa wani maki don ya yi ta ba. Wasu gayyatun suna zuwa da lambobin waya da ake kira a shiga mitin da murya. Duba ko akwai ta ƙasarka. In babu, kiran ƙasar waje ne, katinka zai iya ƙarewa a tsakiyar amsa, gara su su kira ka.

Sauran ba sai na ja ba. Taga ta kasance a gabanka, ba a bayanka ba, in ba haka ba baƙin inuwa za su gani. Ɗora laftof kan littattafai har kyamara ta zo daidai idonka, kuma ita za ka kalla in kana magana, ba hotonka ba. Iyafis mai waya ya fi mara waya, ba ya mutuwa ba ya ɓata haɗi. Idan sun gama tambaya ka ɗan dakata daƙiƙa ɗaya, saboda murya tana makara a hanya, kada ku yi ta karo. Abu ɗaya kuma: idan wani ya ce ka biya kuɗi kafin intabiyu, ko ya turo wata manhaja da ba ka sani ba ya ce sai da ita, ba aiki ba ne, rufe kawai.

Ranar Litinin da ƙarfe 2 ina da hutun cin abinci. Turo mini linki, Zoom na kyauta yana ba da minti 40, sun ishe mu. Zan yi maka tambayoyi, a tsakiya zan ce ka zare rautar daga soket, ina riƙe da agogo in ga minti nawa za ka ɗauka ka dawo. Sim na biyun ya kasance a hannunka kafin lokacin, kada ka zo mini da labarin za ka saya gobe.

Yayanka.