Amsa: Lauya kyauta ga wanda ke tsare a Zariya

"Ƙanena yana gidan yarin Zariya wata huɗu, ana jiran shari'a, kuma ba mu da kuɗin lauya. Ina mafita?"

Allah Ya kawo sauƙi, ɗan'uwa. Wurin da za ka fara nufa shi ne Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, dokar da take aiki da ita yanzu kuma ta 2011 ce. Tana da ofishi a Kaduna. Ma'auninta kuɗin shiga ne: wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata, ya cancanta, kuma ba a biyan lauyan ko sisi.

Amma kada ka hau motar Kaduna hannu rabbana. Fara zuwa kotun da ta tura shi ajiya, ka samu rajistara, ka rubuto lambar shari'ar, da laifin da ake tuhumarsa, da ranar zama na gaba. Na taɓa raka maƙwabcina, ko sunan kotun bai riƙe ba, haka muka dawo, kuɗin mota ya tafi a banza.

Tuhumar ita ce za ta nuna maka inda aka dosa. In ƙaramar sata ce ko faɗa, lauya zai nemi beli a gaban majistare. In kuwa fashi da makami ne ko kisa, majistare ba shi da hurumi, ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a ne kafin a kai babbar kotu. Nan fayil ke kwanciya, sai da mai bibiya.

Shi ma ƙanen naka ya gaya wa jami'in walwala na gidan yarin cewa ba shi da lauya. Duk wanda ya tare ka a bakin kotu ya ce ka kawo na fom, kada ka ba shi.