Wasiƙar da ake tura wa mai kago, wato mai jigilar kaya, a birnin Guwanzo na ƙasar Sin

"Kayana na hannun dillalai uku a Guwanzo, me zan rubuta wa mai kago ya haɗe su?"

Malam, kar ka tsawaita. Ka ce: "Ga takardar jerin kaya na haɗo, takalma katan 12 kilo 240, jakunkuna katan 5 kilo 90, caja katan 3 kilo 45. Don Allah ku ƙirga ku sake aunawa ku tabbatar min, ku haɗe su a lodi ɗaya zuwa Kano da sunana a jikin kowane katan."

Sai sun turo hoton sikeli zaka biya, ni an taɓa ƙara min kilo 18 wai nauyin buhun naɗi ne. In ta ruwa ne kuma girman katan suke lissafawa ba kilo ba, to ka sa tsawo, faɗi da tsayi.