Amarya ɗaya, waya biyu, fata kala biyu

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoto a Fagge: "Malam, na gyara hoton amarya a wayata ya yi kyau, na tura. Uwarta ta kira ta ce yarinyar ba ta da haske, ta koɗe. Na ce a wajena lafiya lau take, ta ce gani ya kori ji. Wane hasken take nufi, kuma karin maganar ta hau kaina?"

Ɗan'uwa, Hajiya hasken fata take nufi, irin wanda ake cewa "wance tana da haske" ga wadda ta ɗara wankan tarwaɗa. Sai dai a sana'arku kalmar tana ɗauke da wasu kaya biyu. Akwai hasken hoto, wanda ke rubuce a cikin fayil, akwai kuma hasken sikirin, wato ƙarfin fitilar wayar da ake kallo da ita. Rikicinku da Hajiya ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Abin da ka tura mata lambobi ne. Kowane ɗigo a hoton yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. A ce kuncin amarya ya fito daga kyamara da ja 150, kore 105, shuɗi 80. Fayil bai faɗi ƙarfin fitilar da za ta nuna su ba, wannan kowace waya da nata. Tiya ce a bakin kowa, amma kwanon wani ya fi na wani zurfi.

Ina kyautata zaton da daddare ka yi gyaran, an ɗauke wuta, hasken sikirin a ƙure. A ɗaki mai duhu irin wannan sikirin yana kashe ido, sai fuskar ta yi maka kamar ta yi fari da yawa, ka ja Exposure baya. Jan da ke 150 ya sauko wajen 115, sauran ma suka bi shi. A idonka komai ya daidaita, alhali fitilar ce ke cike giɓin. Ita kuwa Hajiya da rana ta buɗe a tsakar gida, hasken wayarta a rabi, ta tarar da 'yarta ta yi duhu. Shi ya sa masu gyara a kwamfuta suke tsayar da sikirin wajen nit 100 zuwa 120, ma'aunin ƙarfin haske ke nan, yayin da manyan wayoyin yanzu suke haura 1000 a cikin rana.

Koɗewa kuma zancenta daban. Bahaushe yana cewa atamfa ta koɗe idan rininta ya tafi, kuma Hajiya ta zaɓi kalmar daidai. Wayoyin Samsung suna da Screen mode iri biyu, Vivid da Natural. Vivid yana ƙara wa kala ƙarfi, fata ta yi jawur, janbaki ya yi kamar zai ɗiga. Mai gyara ya ga haka sai ya rage Saturation don fatar ta dawo hayyacinta. Da hoton ya sauka a wayar da ba ta yin wannan ƙarin, sai fatar ta fito toka-toka kamar ta wanda bai shafa mai ba a hunturu. Haka True Tone da Night Shift a iPhone, da Eye comfort shield a Samsung, suna karkatar da fari zuwa rawaya. Ka biye musu ka rage ɗumin hoton, amarya ta koma shuɗi-shuɗi a wayar dangi.

Kafin ka sake taɓa hoton, kashe waɗannan duka, ka koma Natural, ka kashe hasken da ke canja kansa, ka tsayar da shi wajen rabi a ɗaki mai matsakaicin haske. Buɗe Histogram, zanen da ke nuna rabon duhu da haske a hoto, a manhajar Lightroom: idan tudun ya taru a hagu, hoton ya yi duhu ko da idonka ya rantse ba haka ba. Fitar da shi a sRGB, ma'aunin kalar da aka ƙirƙira a 1996 wanda kusan kowace na'ura ta sani, domin idan ka fitar a ma'aunin Display P3 manhajar da ba ta gane shi ba za ta nuna kalar a dusashe. Sannan ka ari wata Tecno ko itel mai sikirin LCD ka duba, tunda irinsu ne suka fi yawa a hannun 'yan biki.

Karin maganar kuwa asalinta ga wanda ya je ya gani da idonsa ne a kan wanda labari kawai ya ji. A nan ku biyun duk kun gani, ba wanda ya kori wani. Amma ban ba ka shawarar ka yi wa uwar amarya wannan bayanin a waya ba. Gyara hoton, ka ce ta buɗe shi a inuwa.