Uban taro bai iso ba, lasifika na hannunka

"'Yan'uwa, ni zan gabatar da walimar saukar karatu a Islamiyyarmu ranar Asabar. In manyan baƙi sun makara, me zan rubuta in riƙa faɗa kada wuri ya mutu?"

Malam, da farko ka cire "nan da minti biyar" daga bakinka. Na taɓa faɗar haka a wata walima da aka sa ƙarfe 10 na safe, uban taro bai shigo ba sai 11 da kwata. Sau uku ina maimaitawa, a na ukun har 'yan bayan rumfa suka fara dariya. Ba kai ke tuƙa motarsa ba, kada ka ɗaukar masa alkawari.

Tun daga ranar, daren taro nake rubuta abubuwan cike giɓi a ƙananan takardu, in karanta da ƙarfi ina duba agogo. Abin da ka zaci minti biyu ne, a baki sau da yawa ko ɗaya ba ya kaiwa.

Gajerun na rabin minti ne, don lokacin da ake gyara makirfo ko tada janareta: "Iyayenmu mata da ke tsaye a baya, akwai kujeru ta hannun dama, bismillah." Umarni mai amfani ya fi barkwanci, don mutane na motsawa, ba sa jin an tsaya.

Na minti biyu kuwa, ka je wurin shugaban makaranta ka samo abin gaske: shekarar da aka kafa ta, da ɗalibai nawa aka fara, nawa ke sauka bana. Ka rubuta kowace jimla ta tsaya da ƙafarta, yadda in ka hango motar baƙo a bakin ƙofa za ka yanke nan take ka ce "Jama'a, a ba da hanya." Labari mai dogon zare shi ke kunyata mutum, ko ka bar shi a tsakiya ko ka bar hakimi a tsaye.

In jinkirin ya wuce minti goma, bakinka kaɗai ba zai riƙe taro ba. Da ka ga wayoyi sun fito, surutu ya taso daga baya, to ka sauka. Ka ja abin da ba ya buƙatar uban taro zuwa gaba, kamar karatun ƙananan aji, amma ka sanar da malaminsu tun da safe. Rabon shahada ka bar wa mai shi.

Kuma kada ka cike wuri da sake jero sarautun manya. Nan ake tuntuɓe, ka kira Wakili da Madaki, ka sayi rigima.

Ka tambayi masu taro tun kafin a fara wane jawabi za a iya zubarwa, don lokacin da aka ci da safe a ƙarshe ake biyansa, kuma da an kira Azahar rabin rumfar ta tafi.